Yadda Ake Mayar da Silaid na PowerPoint Cikakken Tsarin Darasi na Minti 40

Malamai da yawa yanzu ba sa fara shirin darasi daga farar takarda. Wani yakan samu fayil ɗin PowerPoint daga wajen bita, wani a turo masa ta WhatsApp, wani kuma ya sauko da shi daga intanet. Fayil ɗin na zuwa da hotuna masu kyau da rubutu a tsare, har mutum ya ɗauka an gama masa aiki. Sai an shiga aji ake gane akwai saura: a buga ƙararrawa malami yana silaid na 11 cikin 18, ɗalibai ba su rubuta komai ba, kuma babu wanda ya san ko sun fahimta.

Dalilin shi ne, silaid yana faɗin abin da za a haska a bango ne kawai. Tsarin darasi kuwa yana faɗin abin da malami zai yi, da abin da ɗalibai za su yi, da minti nawa kowanne zai ci, da tambayar da za ta nuna ko a wuce ko a tsaya. Wannan bayani zai bi misali guda daga farko har ƙarshe: wata malamar kimiyya ce a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, tana da ɗalibai 60, da darasi na minti 40, da fayil mai silaid 18 a kan yadda abu yake sauyawa tsakanin daskararre, mai ruwa-ruwa da tururi.

Mataki na farko: fito da abin da ke cikin fayil ɗin

Matuƙar ana kallon silaid ɗaya bayan ɗaya, da wuya a ga yawan abin da aka cusa a ciki. Don haka aikin farko shi ne a mayar da fayil ɗin jadawali guda, wanda ido zai iya ɗauka lokaci ɗaya.

A PowerPoint na kwamfuta akwai hanyoyi biyu masu sauƙi. Ta farko ita ce View sannan Outline View, wadda take jero taken kowane silaid da rubutun cikinsa a gefen hagu. Sai dai tana nuna rubutun da aka sa a guraben take da na bayani ne kaɗai. Duk abin da aka rubuta a akwatin rubutu na daban, ko a cikin jadawali, ko a jikin hoto, ba zai fito ba. Ta biyu ita ce File, Export, Create Handouts, wadda a Windows take aika silaid ɗin zuwa Word. Idan aka zaɓi Notes next to slides, kowane silaid zai fito da ƙaramin hotonsa, da bayanin da mai haɗa fayil ɗin ya bari a ƙasansa.

Wanda yake da fayiloli da yawa, misali na zango guda, zai fi samun sauƙi da 'yar gajeriyar manhaja ta Python. Ana fara girka `python-pptx` da wannan umarni:

```
pip install python-pptx
```

Sannan a ajiye waɗannan layuka kusa da fayil ɗin darasin, a kunna su:

```python
import csv
from pptx import Presentation

darasi = Presentation("darasi.pptx")
with open("darasi.csv", "w", newline="", encoding="utf-8-sig") as f:
    w = csv.writer(f)
    w.writerow(["lamba", "take", "kalmomi", "bayani"])
    for n, s in enumerate(darasi.slides, 1):
        take = s.shapes.title.text if s.shapes.title is not None else ""
        rubutu = " ".join(x.text_frame.text for x in s.shapes if x.has_text_frame)
        bayani = s.notes_slide.notes_text_frame.text if s.has_notes_slide else ""
        w.writerow([n, take, len(rubutu.split()), bayani])
```

Abin da zai fito fayil ne da Excel ko Google Sheets suke buɗewa, kowane silaid da layinsa: lambarsa, takensa, yawan kalmominsa da bayanin ƙasansa. An sa `utf-8-sig` ne domin haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai a Excel. Manhajar ba ta buɗe tsohon fayil mai `.ppt` sai an sake ajiye shi a matsayin `.pptx`, kuma ba ta ƙirga rubutun da ke cikin jadawali, ko hoto, ko siffofin da aka ɗaure wuri guda. Saboda haka idan aka ga silaid ya nuna kalmomi 3 alhali cike yake da rubutu, sai a buɗe shi a ƙirga da hannu.

Ga abin da malamar ta samu. Silaid na 1 take ne, na 2 manufofi, na 3 hoton ƙanƙara da ruwa da tukunya tana tafasa. Na 4 zuwa na 7 suna bayyana yanayin abu guda uku da yadda ƙwayoyinsu suke. Na 8 narkewa, na 9 daskarewa, na 10 yadda ruwa yake zama tururi a hankali, na 11 tafasa, na 12 komawar tururi ruwa. Na 13 bidiyo ne na minti 4, na 14 jadawalin taƙaitawa mai kalmomi 85, na 15 zagayen ruwa tsakanin ƙasa da gajimare, na 16 abubuwan da suke zama tururi ba tare da sun narke ba, na 17 tambayoyi, na 18 kuma godiya.

Mataki na biyu: manufa guda, sannan tacewa

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne raba mintoci da yawan silaid. Minti 40 a raba 18 zai ba kowane silaid minti 2 da daƙiƙa 13. Wannan lissafi yana ba silaid ɗin godiya lokaci daidai da na komawar tururi ruwa, wanda shi ne mafi wuya a darasin, kuma bai bar wa ɗalibai ko minti ɗaya na yin wani abu ba.

Abin da malamar ta yi shi ne rubuta manufa da za a iya aunawa kafin a tashi. Ta rubuta cewa a ƙarshen darasi ɗalibi zai iya faɗin sauye-sauye huɗu, wato narkewa, daskarewa, zama tururi da komawa ruwa, zai faɗi wanne ne abu yake karɓar zafi wanne ne yake rasawa, kuma zai iya bayyana inda ruwan da ke bayan kwalba mai sanyi ya fito. Manufa irin "ɗalibai za su fahimci sauyin yanayi" ba ta da amfani a nan, domin ba za ta taimaka a yanke ko silaid ɗaya ba.

Da wannan manufa ta bi jadawalin, tana sa wa kowane layi kalma ɗaya cikin huɗu: bayani, aiki, tambaya ko ajiyewa.

Silaid na 4 zuwa na 7 an koyar da su a makon da ya wuce, don haka ta ajiye su, ta mayar da hoton silaid na 3 tambayar tuni. Na 8 zuwa na 11 su ne na bayani. Na 12 ya zama aiki, domin abu ne da za a iya gani da ido a cikin aji, kuma hakan ya sa bidiyon silaid na 13 ya zama maimaici. Na 15 da na 16 ba su shafi manufar yau ba, sun koma mako mai zuwa. Na 18 ba ya buƙatar lokaci. A ƙarshe silaid 9 ne suka rage a cikin darasin, sai na 1 da zai kasance a bango yayin da ake zama.

Ba sai an goge sauran ba. A danna dama a kan silaid a zaɓi Hide Slide, zai tsaya a fayil ɗin amma ba zai fito a aji ba.

Mataki na uku: a raba lokaci daga ƙarshe

Minti 40 na jadawalin makaranta ba minti 40 na koyarwa ba ne. Malamar ta cire minti 3 na zama da kunna majigi, ta kuma cire minti 3 na ko-ta-kwana. Saura 34.

Daga nan sai ta fara rabo daga ƙarshen darasin, domin abin da ke ƙarshe shi ne kullum ƙararrawa take cinyewa. Ta ware minti 4 na tambayar fita. Sannan ta zo kan kwafar rubutu, inda yawan kalmomin da aka ƙirga ɗazu yake da amfani. Kowane aji da saurin hannunsa, kuma hanyar sani ita ce gwaji: a rubuta kalmomi 30 a allo, a duba agogo har mafi yawan ajin su gama. A ce ajin nan ya ɗauki minti 3, wato kalmomi 10 a minti. Silaid na 14 mai kalmomi 85 zai ci minti 8 da rabi ke nan, sama da kashi ɗaya cikin biyar na darasin. Ta rage shi zuwa kalmomi 45, ta ba shi minti 5.

Saura minti 25. Aiki ya ɗauki 9, tambayar tsakiya 3, gabatarwa 4. Abin da ya rage wa bayanin malama minti 9 ne, na silaid huɗu.

Akwai Rehearse Timings a ƙarƙashin Slide Show, wanda yake auna lokacin da mutum ya ɗauka a kan kowane silaid. Yana da kyau wajen gwada ko minti 9 ɗin nan zai isa. Amma maganar malami kaɗai yake aunawa a ɗakin da babu ɗalibai. Kuma idan aka amsa Yes lokacin da ya tambaya ko a ajiye lokutan, silaid za su riƙa wucewa da kansu a aji ko da ɗalibi yana tsakiyar tambaya. Idan hakan ta faru, sai a cire alamar da ke kan Use Timings.

Ga yadda tsarin ya kasance, idan darasin ya fara 9:20.

| Agogo | Minti | Silaid | Malama | Ɗalibai |
|---|---|---|---|---|
| 9:20 | 3 | 1 | Kunna majigi | Zama, fito da littafi |
| 9:23 | 4 | 3, 2 | Tambayar tuni, faɗin manufa | Faɗin yanayin kowane abu a hoto |
| 9:27 | 4 | 8, 9 | Bayanin narkewa da daskarewa | Bibbiyu su kawo misali daga gida |
| 9:31 | 5 | 10, 11 | Bambancin bushewa da tafasa | Rubuta bambanci ɗaya |
| 9:36 | 3 | babu | Tambayar tsakiya | Amsa da yatsu |
| 9:39 | 9 | 12 | Zagaya rukunoni | Gwajin kwalbar zoɓo |
| 9:48 | 5 | 14 | Duba littattafai | Kwafar taƙaitawa |
| 9:53 | 4 | 17 | Karɓar takardu | Amsa tambayar fita |
| 9:57 | 3 | babu | Ko-ta-kwana, ba da jinga | Rubuta jinga |

An sa ƙarfe nawa ne maimakon "minti na 19", domin agogon bango ko na waya malama za ta kalla, ba za ta tsaya lissafi a gaban aji ba. A Excel, idan agogo yana ginshiƙin A, mintoci kuma suna B, ana rubuta na farko a A2, na biyu a A3 a ja shi ƙasa, na uku kuma a wani gurbi a gefe:

```
=TIME(9,20,0)
=A2+TIME(0,B2,0)
=40-SUM(B2:B10)
```

Na ukun dole ya nuna 0. Duk lokacin da aka ƙara wa wani mataki minti, zai koma ƙasa da sifili, ya tilasta a nemo inda za a rage. Idan kuma za a koyar da darasin a wani ajin da ƙarfe 11:00, gurbin A2 kawai za a sauya.

Ginshiƙin ƙarshe shi ne ma'aunin tsarin duka. Idan aka ga an rubuta "sauraro" a layi biyu a jere, to har yanzu silaid ake karantawa. Shi ya sa ko a cikin minti 9 na bayani malamar ta ba ɗalibai abin yi. A narkewa za su kawo misali irin man shanu a kan tuwo mai zafi. A daskarewa kuma akwai manja da yake yin kauri ya kama jikinsa a lokacin sanyi, misalin da yake nuna ba sai da firji abu yake daskarewa ba.

Mataki na huɗu: mayar da silaid guda aiki

Silaid na 12 jumla ɗaya ce da hoto: tururi yana komawa ruwa idan ya taɓa wuri mai sanyi. Karanta shi ba zai ci daƙiƙa 20 ba. Matsalar ita ce yara da yawa suna zuwa da nasu bayanin, cewa ruwan da ke bayan kwalba mai sanyi daga ciki ya tsattsafo, kuma jumla ɗaya ba ta kawar da wannan.

Malamar ta raba ajin rukuni 10, kowanne mutum 6. Kowane rukuni zai karɓi kwalbar zoɓo mai sanyi sosai, a rufe, da farar takardar goge hannu. A kan teburinta akwai kwalba ɗaya ta zoɓon da bai shiga firji ba. Za su goge kwalbar ta bushe, su ajiye, su jira, sannan su sake gogewa su duba takardar. Zoɓo ja ne, ruwan da ya taru a baya kuwa ba shi da launi, kuma kwalbar da ba ta da sanyi ba ta jiƙe ba. Su da kansu za su ga cewa daga iskar ajin ruwan ya fito.

A tsarin darasi ba a rubuta "gwaji, minti 9" a wuce. Ana farfasa shi: minti 1 na umarni, minti 1 na raba kwalabe, minti 3 na lura da rubutu, minti 3 na jin rukuni uku, sannan minti 1 na haska silaid na 12. Umarni yana zuwa kafin rabon kaya, don da zarar kwalba ta shiga hannu babu mai saurare. Silaid ɗin kuma yana zuwa ƙarshe, ya tabbatar da abin da suka gano. Kafin nan, danna harafin B a kan madannai yana mayar da bangon baƙi, hankali ya koma kan kwalba. Sake danna shi yana dawo da silaid ɗin.

Akwai abin da wanda ya haɗa fayil ɗin ba zai sani ba. A lokacin hunturu iskar Kano, Katsina ko Damagaram a bushe take ƙwarai, kuma kwalba mai sanyi na iya daɗewa ba ta yi raɓa ba, saɓanin damina. Don haka tsarin yana buƙatar madadi a rubuce: fulas na ruwan zafi, da kofi, da murfin tukunya mai sanyi da malama za ta riƙe a saman kofin da hannunta. Gwada aikin a ajin kwana ɗaya kafin darasin shi zai nuna wanne za a yi.

Mataki na biyar: tambayoyi uku, kowace da aikinta

Silaid na 17 ya zo da tambayoyi irin "Mene ne narkewa?". Ɗalibi zai iya amsa su ta hanyar maimaita abin da ya gani a bango minti 20 da suka wuce. Malamar ta maye gurbinsu da tambayoyi uku a wurare uku.

Ta farko ta tuni ce a 9:23: a cikin hoton nan, wanne ne daskararre, wanne ne mai ruwa-ruwa, wanne ne tururi? Aikinta ta nuna ko darasin makon jiya ya zauna. Idan bai zauna ba, a rubuta 4 a danna Enter yana kai mutum silaid na 4 kai tsaye, ko da a ɓoye yake.

Ta biyu ita ce ta tsakiya, kuma ita ce mafi muhimmanci. An shanya wanki a igiya, da la'asar ya bushe. Ina ruwan ya tafi? Yatsa ɗaya: rana ta tafasa shi. Biyu: ya zama tururi ya shiga iska ba tare da ya tafasa ba. Uku: ya ɓace gaba ɗaya. Huɗu: tufafin ne suka shanye shi. Kowa zai ɗaga yatsunsa lokaci guda, malama ta ga amsar mutum 60 a kallo ɗaya. Kowace amsa mara daidai tana nuna wani kuskure na daban. Mai yatsa ɗaya yana zaton sai ruwa ya kai digiri 100 yake zama tururi, wato bai raba silaid na 10 da na 11 ba. Mai yatsa uku kuwa gwajin kwalba zai ba shi wuya, don bai yarda akwai ruwa a cikin iska ba.

A ƙarƙashin tambayar ana rubuta matakin da za a ɗauka. Malamar ta rubuta cewa idan sama da mutum 15 suka kuskure, za ta ciri minti 2 daga na ko-ta-kwana, ta jiƙa allo da tsumma su kalli yadda yake bushewa ba wuta ba tafasa. Idan ba su kai haka ba, a wuce.

Minti 3 da aka ba wannan tambaya ya haɗa da lokacin shiru. Binciken Mary Budd Rowe a shekarun 1970 ya nuna malamai sukan jira kimanin daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin sun fi tsawo, ɗaliban da suke amsawa ma sun fi yawa. Shi ya sa ake rubuta "jira" a cikin tsarin, tunda silaid ba ya tuna wa kowa.

Ta uku ita ce ta fita, a ɗan guntun takarda: an buɗe tukunyar tuwo, sai ga ruwa yana ɗiga daga cikin murfin. Wane sauyi ne wannan, kuma tururin zafi ya karɓa ko rasawa ya yi? Misali ne da ba a yi shi a ajin ba, don haka hadda ba za ta amsa shi ba. Daga baya malama za ta raba takardun kashi biyu, ta san da me za ta buɗe darasi na gaba.

Abubuwa biyu kafin da bayan shiga aji

Na farko, a ƙara ginshiƙi guda mai suna "idan an ɗauke wuta". A wannan darasi silaid biyu ne kawai suke da abin da baki ba zai iya bayarwa ba: hoton na 3 da jadawalin na 14. Na 3 a buga shi a takarda, na 14 a rubuta shi a gefen allo tun kafin a fara. Sauran duk suna cikin tsarin, wanda shi ma ya kamata a buga shi a shafi ɗaya ko a ajiye shi a waya.

Na biyu, a bar gurbi na ainihin lokacin da kowane mataki ya fara. Idan an tsara gwajin kwalba ya fara 9:39 amma sai 9:44 ya fara, an san minti 5 sun zube a bayani, kuma an san inda za a rage. Idan kwafar kalmomi 45 ta ci minti 7, to saurin hannun ajin bai kai yadda aka ƙiyasta ba, sai a gyara lissafin a duk darussan da za su biyo baya. Bayan darasi biyu ko uku, lambobin da ke ginshiƙin B sun zama na wannan ajin, kuma fayil na gaba da za a turo zai fi saurin tacewa.